Imel ɗinka ya dawo? Kada ka sake turawa, duba nauyin fayil ɗin

A duk lokacin da aka buɗe neman aiki ko tallafin karatu, muna yawan jin koken cewa an tura takardu ta imel amma saƙon ya dawo, sai a ɗora laifin a kan netwok. Mu dai a ganinmu, sau da yawa netwok ba shi da laifi. Kayan ne suka fi ƙarfin ƙofar, kuma ko sau goma aka sake turawa haka za su dawo.

Kowane kamfanin imel yana da iyakar nauyin da yake ɗauka. Gmail na barin mutum ya maƙala fayil har MB 25. To amma saƙo ƙofa biyu yake bi, ta mai turawa da ta mai karɓa. Ofisoshi da makarantu da yawa suna da nasu tsarin imel, kuma wasu sun tsayar da iyakarsu a MB 10 ko 20. Ko taka ƙofar ta bari ya wuce, tasu na iya mayar da shi.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: fayil yana ƙara nauyi a hanya. Asali an gina imel don ɗaukar rubutu ne, saboda haka kafin hoto ya tafi sai an juya shi zuwa haruffa ta wata hanya mai suna Base64. Wannan juyin yana ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin.

Mu ɗauki misalin matashin da ya ɗauki hoton takardunsa shida da waya, kowane hoto MB 3. Jimla MB 18 ke nan, kuma Gmail zai karɓa ba gardama. A hanya sai su koma kusan MB 24. Idan iyakar ofishin MB 20 ce, saƙon zai dawo. Shi kuwa ya ga saƙon a cikin Sent, ya kwanta da murna, alhali takardunsa ba su isa ba har ranar rufewa ta wuce.

Shi ya sa muke cewa a riƙa buɗe saƙon da ya zo daga Mail Delivery Subsystem ko Mailer-Daemon a karanta. Idan nauyi ne matsalar, za a ga wani abu kamar haka:

```
552 5.3.4 Message size exceeds fixed limit
```

Idan kuwa lambar 5.2.2 ce, akwatin mai karɓar ne ya cika, sai a kira shi a sanar da shi.

Ga takardun neman aiki ko makaranta, shawararmu ita ce a rage nauyi, kada a canja hanya. A buɗe manhajar Google Drive a waya, a zaɓi Scan, a ɗauki shafukan ɗaya bayan ɗaya su haɗu a PDF guda. Takardu shida da aka ɗauka haka yawanci ba sa wuce 'yan MB kaɗan, kuma rubutun na karantuwa sarai. Kada a wahalar da kai wajen matse hotuna a ZIP, domin hoton waya a matse yake tun asali, abin da zai ragu ba shi da yawa.

Bidiyon taro ko hotunan biki kuwa ba kayan imel ba ne. A ɗora su a Google Drive, inda kowane asusu ke da GB 15 kyauta, sannan a tura mahaɗin kawai. Sai dai a lura da izini. Idan an bar shi a Restricted ba a sa adireshin mai karɓa ba, zai tarar da ƙofa a kulle. Idan an zaɓi Anyone with the link, duk wanda mahaɗin ya faɗa hannunsa zai buɗe. Wannan ya dace da hotunan walima, amma bai dace da fasfo ko takardar NIN ba. Ga irin waɗannan, a rubuta adireshin mutum ɗaya da ake nufi.

Wani zai ce ai WhatsApp ya fi sauƙi. Gaskiya ne tsakaninmu, tunda yana ɗaukar fayil har GB 2 idan an tura shi a matsayin Document, kuma ta nan ba ya rage ingancin hoto. Amma ofishin da ya ce a turo ta imel, imel ɗin zai duba. Wasu ma'aikatan ma an hana su danna mahaɗi daga baƙo saboda tsoron 'yan damfara.

Don haka kafin a danna Send, a duba nauyin fayil ɗin. Idan ofis ne za a tura wa, a yi ƙoƙari kada ya haura MB 5, sai dai in sun faɗi tasu iyakar. Bayan turawa a dakata 'yan mintoci a leƙa akwati, har da Spam, ko wani saƙo ya dawo. Allah Ya ba masu nema sa'a.