Lamba Ɗaya A Sama: Jimillar Ciniki Ba Ita Ta Cancanci Kan Dashbod Ba

Masu shagunan sari a Yalwawa da sauran unguwannin Dutse sun fara barin littafin lissafi suna komawa Excel da Google Sheets. Sau da yawa ɗan gida ne ko yaron shago da ya yi karatun kwamfuta yake haɗa musu shafi guda na taƙaitawa, wanda ake kira dashbod. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera akwatuna shida ko takwas masu girma ɗaya, kowanne da launinsa, sannan a manna zanen da'ira mai yanka-yanka a tsakiya. Shafin yana burge baƙo, amma mai shagon da ya buɗe shi a waya yana tsaye bakin kanta sai ya yi ta lalube kafin ya gano abin da ya kawo shi.

Stephen Few, a littafinsa Information Dashboard Design na 2006, ya nace cewa dashbod ya tsaya a allo ɗaya, a fahimce shi da kallo ɗaya. A shekarar ce kuma Jakob Nielsen ya wallafa binciken bin motsin ido da ya nuna masu karatu a allo suna farawa daga sama ta hagu, suna rage kulawa yayin da suke gangarawa. Wato kusurwar sama ta hagu ita ce fili mafi tsada a shafin, kuma abin takaici, can ake ɗora tambarin shago da sunansa, abin da mai shi ya riga ya sani.

Sanin wurin ba shi da wuya. Zaɓen lambar da za ta zauna a wurin shi ne aikin, kuma ga ɗan sarin da ke ba da kaya bashi, jimillar ciniki ba ita ba ce.

A ɗauki misalin shagon kayan masarufi a Yalwawa da ke sayar wa ƙananan masu tebur sukari, taliya da sabulu, yana kuma saro kaya daga kasuwar Singa ta Kano duk mako. A ce cinikin wannan makon ₦4,200,000 ne, na makon jiya ₦3,800,000. Dashbod ɗin da ya sa jimillar ciniki a gaba zai nuna ƙarin ₦400,000 da koren launi, mai shago ya kwana da farin ciki. Amma a cikin cinikin nan, kayan ₦1,500,000 bashi aka ɗauka, don haka abin da aka biya nan take, tsaba da POS da tiransifa, ₦2,700,000 ne. Masu tsohon bashi sun kawo ₦400,000. Kuɗin da suka shigo hannu a makon ke nan ₦3,100,000. Idan sarin mako mai zuwa yana buƙatar ₦3,600,000, akwai giɓin ₦500,000, kuma koren akwatin nan bai ce komai a kai ba. Ranar tafiya Kano za a gane, lokacin da ba sauran damar bin masu bashi.

Saboda haka lambar da ta dace da saman shafin ita ce ₦3,100,000, da manyan haruffa, a ƙarƙashinta kuma layi ɗaya ƙarami: “Ana buƙatar ₦3,600,000, saura ₦500,000.” Lamba ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ko lafiya ko ba lafiya, sai an ajiye ta kusa da abin da ake auna ta da shi. Gwajin da ya kamata a yi wa kowace lamba mai neman wannan gurbi shi ne: in ta sauya, mai shago zai yi wani abu dabam yau? Ganin giɓin rabin miliyan ranar Laraba zai sa a ɗaga waya a kira masu bashi. Ganin cewa taliya ta fi sukari fita zai iya jira.

Haɗa ta ba ya buƙatar manhaja ta musamman. A ce akwai shafi mai suna Ciniki, inda ginshiƙin A yake ɗauke da kwanan wata, C da kuɗi, D da nau'in shigarwa: tsaba, POS, tiransifa, bashi ko biyan bashi. In an rubuta ranar farkon mako a gidan H1 na dashbod, wannan lissafin zai tara komai ban da bashi:

```
=SUMIFS(Ciniki!C:C, Ciniki!A:A, ">="&H1, Ciniki!D:D, "<>bashi")
```

A nan ne ake yawan zamewa. In yaron shago ya rubuta bashi da tazara a ƙarshe, ko ya rubuta “bashin Alhaji”, ko ya bar gurbin fanko, lissafin zai ƙirga kuɗin a matsayin waɗanda suka shigo, babbar lambar ta yi ƙarya ba tare da wata alama ba. Maganinsa a kulle ginshiƙin D da Data validation, ya zama zaɓi ake yi daga jeri, ba rubutawa ba. Haka kwanan watan da ya shiga a matsayin rubutu zalla: lissafin zai tsallake layinsa, jimilla ta ragu. Hanyar ganewa ita ce a kwatanta shigarwar yini guda da kuɗin aljihun tebur da rasit ɗin POS da alat na banki. In ba su yi daidai ba, a gyara shigarwa kafin a taɓa kwalliyar shafi.

Tsarin kansa kuwa kaɗan ne. A sa babbar lambar a gidan A1 ko A2, don nan ne saman shafi, kuma allon waya ginshiƙai uku ko huɗu kawai yake nunawa kafin a ja gefe. A ba ta girman haruffa kamar 28, sauran su tsaya a 11. A bar mata fili kewaye, ba tare da layukan ado ba. Launi kuma a ware mata shi ita kaɗai ta Conditional formatting: ja in akwai giɓi, baƙi in babu. Shafin da komai nasa ja ne da kore da ruwan ɗorawa ya kashe amfanin launi, kuma akwai masu matsalar bambance ja da kore, shi ya sa kalmar “saura” take da muhimmanci a gefen lambar. A ƙasa sai jimillar ciniki, sabon bashin mako, da sunayen mutum biyar da aka fi bi kuɗi. Zanen da'irar nan a cire shi.

Akwai ƙaramin layi guda da bai kamata a manta ba: ranar shigarwa ta ƙarshe, wadda `=MAX(Ciniki!A:A)` yake bayarwa. Wuta takan ɗauke, data takan ƙare, yaro yakan tara rasit na kwana biyu bai shigar ba, kuma babbar lambar shekaranjiya kamanninta ɗaya da ta yau.

Masu cewa riba ce ta cancanci saman shafi suna da hujja, musamman a lokacin da farashin sari yake tashi, ciniki ya yi kamar ya ƙaru alhali adadin katan bai ƙaru ba. Ga shagon da ba ya ba da bashi, kamar mai sayar da caja da kayan waya ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, kuɗin shiga da ciniki abu ɗaya ne, don haka riba ce ta fi faɗin sabon abu, ita za a ɗora. Sai dai tana buƙatar a riƙa sabunta farashin sari na kowane kaya, wanda shaguna da yawa ba sa yi. Ɗan sarin da sama da kashi ɗaya cikin uku na cinikinsa yake hannun mutane kuwa, ribarsa na iya zama a layi na biyu, ya dube ta a ƙarshen wata.