Kacici-kacici Ba Kayan Jeri Ba Ne

Ya 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu yi watsi da ita. In malami ya ba mu aiki a kan karin magana da kacici-kacici, sai mu ruga laburare mu kwafo ashirin daga littafin Kirk-Greene na 1966, mu jera su da ma'anarsu, mu miƙa. A ganinmu wannan tara kaya ne, ba nazarin adabi ba.

Mu ɗauki "Baba na ɗaka, gemu na waje." Faɗin amsa, wato wuta da hayaƙi, somin-taɓi ne kawai. Mai nazari zai lura zancen ya rabu gida biyu, kowane da gaɓa biyar, kuma "ɗaka" na fuskantar "waje". Zai nuna an mai da wuta dattijo mai zaman ɗaki, hayaƙi kuma furfurar gemunsa. Wannan siffantawa ce irin wadda muke yabo a waƙa.

Sa'an nan sai ya faɗi wa ya ƙulla, wa ya kwance, da yadda wanda ya kasa ke ba da gari kafin a gaya masa amsa. Haka karin magana: ita ɗaya tana iya zama nasiha a bakin tsohuwa, ta zama habaici tsakanin kishiyoyi. Aikin da bai nuna mai magana da dalilinta ba, kwafe ne.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su nemi uku da aka feɗe sosai, maimakon ashirin da aka jera.