Fuskar da ba ta tsayawa

Manhajojin da ke mayar da rubutu bidiyo, irin su Sora da Veo, ba su da ajiyayyiyar siffar jarumi. Kowane yanki na 'yan daƙiƙu sabon hasashe ne. Shi ya sa matashin da ke haɗa katun na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a Gubuchi zai ga zanen hular Gizo ya sauya daga wannan yanki zuwa wancan, ɗaurin ɗankwalin Ƙoƙi ya koma wani gefen. Bakin kuma ba ya bin lafazin Hausa. Ra'ayina shi ne a raba aikin. A bar wa manhaja abin da ido ba ya ƙididdigewa: gonar rake tana kaɗawa, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila, hadarin damina. Jaruman kuwa a zana su da hannu, gaba da gefe da baya, a tsayar da launukansu, sannan a motsa su a Krita ko Blender, zane 12 a daƙiƙa, a ɗora su bisa wancan bangon.

Wani zai ce ai yanzu ana ba manhajar hoton jarumi ta bi. Gaskiya ne, yana rage ɓarnar, amma da jarumin ya juya baya sai ta ƙirƙiri abin da hoton bai nuna ba. Matsalar haɗa zanen hannu da bangon manhaja kuwa ita ce haske: idan rana na dama a bangon, dole inuwar Gizo ta faɗi hagu, a kuma daidaita launin duka biyun wajen tacewa.