Lambar da ba a rubuta ba

A wannan makon wata ɗaliba 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ce ta turo mana hoton shafin littafinta ta wayar yayanta. Doguwar rabawa ce aka ba su a aji, 8,568 a raba gida 21, ita kuma ta samu 48. Malam ya ja mata jan biro bai ce komai ba. Ta ce ta sake lissafin har sau uku tana samun amsa ɗaya, ga jarrabawar ƙarshen zango ta matso, har ta fara tunanin ko kanta ne ba ya ɗaukar lissafi. Ga aikin nata kamar yadda ya fito a hoton:

```
      48
    ------
21 ) 8568
     84
     ---
      168
      168
      ---
        0
```

Kafin mu taɓa kowane layi, mun fara tabbatar da cewa amsar ce ba daidai ba, domin malam ma ɗan Adam ne, yana iya kuskure wajen maki. Gwajin mai sauƙi ne: a ninka amsa da lambar da aka raba da ita, a ƙara ragowa idan akwai, sai a ga ko an koma lambar farko. 48 sau 21 ya ba mu 1,008, ba 8,568 ba. Ashe Malam yana da gaskiya. Gwajin ya kuma gaya mana wani abu. Da a ce ta yi tuntuɓe ne a ɗebewa ta ƙarshe, da tazarar ba ta da yawa. Amma tsakanin 1,008 da 8,568 akwai 7,560. Idan naira 8,568 ce za a raba wa mutum 21, aka ba kowa naira 48, to naira 7,560 tana nan a hannun mai rabo. Rata irin wannan alama ce ta cewa amsar ta yi ƙanƙanta da kusan ninki goma, wato akwai gida guda da ya ɓace.

Daga nan muka bi aikin daga sama zuwa ƙasa. Doguwar rabawa zagaye ce da ake maimaitawa: a raba, a ninka, a ɗebe, a sauko da lamba ta gaba. A kowane zagaye muna yin tambaya uku. Ninkawa ta yi daidai? Ɗebewa ta yi daidai? Abin da ya rage bai kai lambar da ake rabawa da ita ba? Tambaya ta uku tana kama kuskuren da ɗalibai da yawa ke yi. Da ta ce 21 ya shiga 85 sau 3, da ta ɗebe 63 ta rage 22, kuma 22 ya fi 21, wanda ke nufin akwai sauran 21 guda da ba a cire ba.

A zagayen farko babu abin zargi. 21 ba ya shiga 8, don haka ta ɗauki 85. Ya shiga sau 4, 4 sau 21 ya zama 84, an ɗebe saura 1, kuma 1 bai kai 21 ba. A zagayen ƙarshe ma haka: 8 sau 21 shi ne 168 cif, an ɗebe babu saura. Wannan ne ya sa ta sake aikin sau uku ba ta gano komai ba. Duk abin da ta rubuta daidai ne. Kuskuren yana cikin abin da ba ta rubuta ba.

Ku dubi yadda aka tashi daga 1 aka faɗa 168. Lambobi biyu ne suka sauko a lokaci guda, 6 da 8. Abin da ya faru a kanta ba shi da wuyar ganewa. Ta sauko da 6, ta samu 16, ta ga 21 ba ya shiga 16, sai ta ce bari ta ƙara sauko da 8. A nan ne matakin ya karye. Amsar tambayar "sau nawa 21 ya shiga 16?" ita ce sau sifili, kuma wannan sifilin amsa ce da dole a rubuta ta a sama kafin a taɓa lamba ta gaba. Ga yadda aikin ya kamata ya kasance:

```
      408
    ------
21 ) 8568
     84
     ---
      16
       0
      ---
      168
      168
      ---
        0
```

Gwaji: 408 sau 21 shi ne 8,568. An dawo gida.

Me ya sa ɗaliba mai kula irin wannan ta tsallake sifilin? Muna ganin tun daga farkon aikin ta ɗauko dabi'ar. Da 21 ya kasa shiga 8, ta haɗa da 5 ba ta rubuta komai ba, kuma hakan bai ɓata amsa ba, domin 0408 da 408 duk ɗaya ne. Sai ta ɗauka ƙa'idar ke nan a ko'ina. Amma sifili a tsakiya yana riƙe gida ne. Wannan 4 ɗin ɗari huɗu ne: mutum 21 kowa ya karɓi naira 400, an fitar da 8,400, saura 168. A cikin 168 akwai takardun naira goma guda 16, ba za su zagaya mutum 21 ba, don haka babu wanda ya samu naira goma ko ɗaya. Sifilin da ke gidan goma shi ke faɗin haka. Idan aka cire shi, 4 ya zame daga gidan ɗari ya koma gidan goma, ɗari huɗu ya zama arba'in.

Hoton ma ya tona asirin, ga mai lura. Ta ɗora 4 a kan 5, wanda daidai ne, amma 8 ɗinta ya zauna a kan 6, aka bar saman 8 na ƙarshe babu komai. Duk lokacin da kuka gama rabawa kuka ga gurbi a sama, wani mataki ya faɗi. Shi ya sa muke roƙon masu turo hoto su ɗauki shafin gaba ɗaya, wayar tana kallon takarda kai tsaye ba a karkace ba, kuma kada su goge komai.

Maganin kuwa na daƙiƙa biyar ne. Da zarar kun gano inda lambar farko ta amsa za ta zauna, ku sa ɗigo a kanta da kan kowace lamba da ke bayanta. A nan ɗigo uku ne, kan 5 da 6 da 8, don haka amsa lamba uku ce tun kafin a fara. Sannan ku riƙe cewa duk lambar da ta sauko ƙasa, sai an biya ta da lamba ɗaya a sama, ko da sifili ne.

Ga ƙanwarmu mai hoto: ninkawarki da ɗebewarki duk lafiya lau suke, abu ɗaya ne tak za ki gyara kafin jarrabawa. Ke da sauran masu karatu ku gwada 9,135 a raba gida 15, sannan 4,830 a raba gida 23. A na biyun ku lura da abin da za ku yi idan lambar ƙarshe ta sauko. Ku sa ɗigo, ku gwada amsa da ninkawa, ku turo mana hotunan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.