Zaman Harɗe Da Ciwon Gwiwa

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, manoman Kura da Bunkure ba su san hutun rani ba. Mutum ya wuni a tsugunne wurin dashe, da magariba kuma ya harɗe ƙafa a gaban malam. Gwiwar da ta daɗe a lanƙwashe kuwa, ƙoƙonta yakan danne guringuntsin da ke bayansa. Shi ya sa dattijo ba ya tashi sai ya dafa ƙasa.

Gyaran ba shi da tsada. A sa matashi mai tauri a kan buzu, har ƙugu ya ɗara gwiwa tudu. Duk rabin sa'a a miƙe ƙafa, a ɗan taka. Wanda wannan bai ishe shi ba ya hau kujera. Hawanta ba girman kai ba ne, kada almajirai su zarge shi. Shari'a ma ta yarda wanda ya gaza tsayuwa ya yi salla a zaune.

Amma gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi, ko ta ƙage, wannan sai asibiti, ban da tsaga. Allah ya ba da lafiya, amin.