“Ta Ƙara Himma” Ba Gyara Ba Ne: Yadda Ake Rubuta Rahoton Aikin Ma'aikaciya

Da yawa daga cikinmu ban da riƙon gida akwai mutanen da ke aiki a ƙarƙashinmu: wata shugabar makaranta ce, wata babbar nas ce a ɗakin haihuwa, wata tana da shagon ɗinki da yara biyar. Idan shekara ta zagayo sai a miƙo miki takarda a ce ki rubuta yadda aikin wance ya kasance. Masu aikin gwamnati sun san fom ɗin APER da wancan gurbi da ake bar wa shugaba ya yi sharhi. Layuka ne kaɗan, amma da su ake duba ƙarin girma, wani lokacin ma da su ake sallamar mutum.

Bari in fara da laifina. Shekarata ta farko ina shugabancin wata ƙaramar firamare, na rubuta wa malamar aji biyu cewa: “Tana da ƙoƙari, amma tana da sakaci. Ta ƙara himma.” Washegari ta shigo ofis da takardar a hannu, idonta ya yi ja, ta ce, “Hajiya, don Allah sakacin me na yi? Ki faɗa mini in gyara.” Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Abin da kawai na iya tunawa shi ne ta makara sau biyu a makon da na cika fom ɗin. Aikin shekara guda na auna da kwana biyar.

Abin da na fara koya ke nan: ƙwaƙwalwa ba ta riƙe shekara, abin da ya faru jiya take riƙewa. Tun daga lokacin na ajiye ƙaramin littafi, kowane malami da shafinsa. Duk abin da na gani, mai kyau ko akasinsa, sai in rubuta kwanan wata da layi ɗaya. Minti biyar ne duk ranar Juma'a. Kafin in cika fom kuma sai na ɗauko rajistar zuwa aiki da sakamakon yara na ajiye a gabana.

Na biyu, a rubuta abin da mutum ya yi, ba irin halin da ake ganin yana da shi ba. “Sakaci”, “girman kai”, “rashin kunya” duk hukunci ne a kan mutum, kuma ba wadda za ta tashi ranar Litinin ta san ta inda za ta fara gyara su. Kowane sharhi ina so ya amsa tambaya uku: yaushe ne ko a ina, me ta yi, kuma me hakan ya jawo? Idan gyara ne sai a ƙara ta huɗu: me za a yi nan gaba, zuwa yaushe?

Da na koma na duba takardu, ga abin da na tarar game da wannan malama. Yara 32 ne a ajinta. A farkon shekara 11 ne kawai ke iya karanta gajeriyar jimla, a ƙarshe sun kai 24. A zango na uku ta makara sau 9, bakwai daga ciki ranar Litinin. Littattafan aikin gida kuma sukan yi mako biyu ba a duba ba. Sai na yage na farko na rubuta wannan:

“A farkon shekara yara 11 cikin 32 ke karanta gajeriyar jimla, yanzu sun kai 24. Wannan ya samu ne saboda ta raba ajin rukuni uku, tana ba masu rauni minti 15 kafin a tashi tara. Muna so ta nuna wa malaman aji ɗaya wannan tsari a zango mai zuwa.

“A zango na uku ta iso bayan ƙarfe 7:45 sau 9, abin da ya sa yara suka rasa farkon darasin lissafi a waɗannan ranaku. Sau biyu da na duba littattafan aikin gida, a watan Mayu da Yuni, na tarar da aikin mako biyu ba a yi maki ba, don haka yara suna maimaita kuskure ɗaya. Mun amince za ta riƙa mayar da littattafai cikin kwana uku, ni kuma zan ware mata darasi ɗaya ranar Laraba don yin maki. Za mu sake zama bayan mako shida.”

Ku lura, yabon ma da hujjarsa. Mukan yi wa laifi bayani dalla-dalla, yabo kuwa mu taƙaita shi a “tana da ƙoƙari”. Idan ba ta san takamaimai abin da ta yi daidai ba, ta yaya za ta ci gaba da yin sa? Kuma adalci ba ya nufin duk gyara ɗaya sai an laƙa masa yabo ɗaya. Idan aikin shekarar akasarinsa mai kyau ne, rahoton ya nuna haka. Idan kuwa akwai babbar matsala, kada kunya ta sa a binne ta a tsakiyar daɗin baki, har mai ita ta fita tana murmushi ba ta san aikinta na rawa ba. Ranar da aka hana ta ƙarin girma za ta ce an yi mata yankan baya, kuma tana da gaskiya.

Maganar makara sai da muka zauna na ji dalili. Ranar Litinin maigidanta kan yi sammako zuwa garin da yake aiki, ita ce ke kai yara uku makarantu biyu kafin ta taho. Muka mayar da darasinta na farko na Litinin zuwa na biyu. Amma ban sa wannan a takarda ba. Fayil yana daɗewa, kuma hannaye da yawa ke buɗe shi. Aurenta, cikinta, goyonta ko rashin lafiyar ɗanta ba su da gurbi a rahoton aiki, haka nan hutun haihuwa haƙƙinta ne, ba a lissafa shi cikin fashi.

Kafin ki sa hannu, gwada sharhinki da abu biyu. Rufe sunan da yatsa ki karanta: idan zai dace da kowa a wurin aikin, ba ki ce komai ba tukuna. Sannan ki tambayi kanki ko akwai abin da yau ne za ta fara jin sa. Kuskuren watan Janairu a Janairu ake faɗarsa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma kada gyara ya wuce biyu ko uku, wanda aka lissafa wa goma ba ya gyara ko ɗaya.

Idan kuma ke ce aka rubuta wa “ta ƙara himma”, yi abin da malamar nan ta yi mini. Cikin ladabi ki nemi misali ɗaya, ki tambayi me ake son gani nan da wata uku, ki rubuta amsar da kwanan wata.

Malamar tana nan tare da mu, yanzu ita ke kula da karatun ƙananan azuzuwa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda ke ƙarƙashinmu.