Kafin ki tura kuɗin man girki, fara duba murfin

Cinikin man girki ya koma cikin waya. Mai sari a Kasuwar Singa ko wata 'yar kasuwa a unguwa za ta ɗora hoton galan a WhatsApp, uwargida ta gani, a yi ciniki, a tura kuɗi, mai babur ya kawo kaya. Abin da mai saye ke da shi kafin kuɗinta su fita hoto ne kawai, kuma abin da na lura shi ne yawancin mata idonsu kan sauka a wuri guda, wato takardar da ke manne a gaban galan. Da an ga sunan kamfanin da aka sani da lambar NAFDAC sai hankali ya kwanta. A ganina wannan kuskure ne, domin a cutar da ta fi sauƙin yi takardar ba ta da aibi ko kaɗan.

Algus a man roba iri biyu ne, kuma kowanne da inda yake barin sawu. Akwai ɗuri: a tara galan-galan na asali da aka gama amfani da su a gidaje da wuraren sayar da abinci, a ɗauraye, a sa mazurari a ɗura man awo mai arha, a mayar da murfi. A nan roba ta kamfani ce, takarda ta kamfani ce, lambar rajista ma ta gaske ce, abin da ke ciki ne kaɗai baƙo. Akwai kuma jabu tsantsa, inda ake sayo sabuwar roba da sabon murfi, a kwaikwayi takardar kamfani a buga. Mai ɗuri yana tonuwa a murfi da kwanan wata, mai jabu kuma a bugun takarda. Wadda ta duba takarda kaɗai ta bar wa mai ɗuri ƙofa a buɗe.

Kafin a kai ga dubawa ma, sai hoton ya zama na kayan da za a kawo. Da yawa hoton talla na kamfani suke turawa, ko wanda aka ɗauka tun bara, kuma wannan ba shi da amfani. Ki nemi a ɗauki sabo a shagon, cikin hasken rana: gaban galan, bayansa, murfin daf da daf, da wurin da aka buga kwanan wata. Ki ce a turo su ta hanyar Document, domin idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba WhatsApp yana matse shi, ƙananan rubutu su dusashe, sai a rasa gane ko laifin takarda ne ko na waya. Ɗan kasuwar da ya ƙi yin wannan ɗan aiki alhali ana maganar dubban naira ya riga ya ba ki amsa.

A ce mai abincin biki ce ke son katan ɗaya mai galan huɗu, kowanne lita 5, aka turo mata hotunan. Ta fara da murfi. A ƙasan murfin roba akwai zobe da ke haɗe da shi ta wasu siraran haƙora. Ranar da aka fara murɗa murfin haƙoran ke karyewa, zoben ya rabu ya zauna a wuya. A galan da ba a taɓa buɗewa ba, haƙoran suna nan a jere, tazararsu ɗaya, kuma tsagar da ke tsakanin murfi da zobe madaidaiciya ce ta kewaye wuyan. Mai ɗuri yana da dabaru kaɗan na ɓoye karyewar. Wani yakan ɗiga gam mai kamawa nan take, wanda in ya bushe yake barin farin dabbare ko wani ɗan ƙyalli a kan robar. Wani yakan ɗora zafaffen ƙarfe ya narkar da wuri biyu ko uku, sai a ga ɗigon narkakkiyar roba a inda ya kamata a ga haƙori mai tsafta. Wanda ya fi wayo, idan ya samu galan da ba a buɗe ba, yakan tsoma wuyan cikin ruwan zafi har robar ta yi laushi, ya ɓanɓaro murfin da zobensa gaba ɗaya ba tare da ya karya komai ba. Shi ma yana barin alama, domin zoben yakan buɗe ya yi sako-sako, ko ya karkace gefe ɗaya, ko a ga tabon wuƙa ko sukundireba a gefensa na ƙasa. Shi ya sa hoton murfi daga sama ba ya wadatarwa. Daga gefe ake so, kuma daga fuska biyu aƙalla, don kada a juya tabon baya.

Wasu masu ɗurin ba sa wahalar da kansu, sabon murfi suke sayowa a kasuwa su ɗora. Wannan zobensa lafiya lau yake, amma sau da yawa launinsa ba ya zuwa daidai da na kamfani, ko ya zo babu tambarin da kamfanin ke bugawa a saman murfinsa idan mai yin haka ne. Hanyar ganewa ita ce a ajiye hoton kusa da tsohon galan da aka saya a wurin da aka amince da shi. Sabon murfi fes a kan robar da ta sha gogayya, hannunta ya yi dauɗa, gindinta ya kankare, abin tambaya ne babba.

Daga murfi sai ta gangara zuwa kwanan wata, kuma a nan ne nake ganin an fi kama ɓarawo cikin sauƙi. Kamfanoni ba kasafai suke buga ranar yi da ranar ƙarewa tare da sauran rubutun takarda ba. Wata na'ura ce a kan layin cikawa take fesa su da tawada, a kafaɗar roba ko a murfi ko a wani fili da aka bari a takardar, tare da lambar rukunin da aka yi a lokacin, wadda ake gani bayan kalmar BATCH ko haruffan BN. In an zuƙo hoton, haruffan sukan fito a matsayin ƙananan ɗigo-ɗigo a jere. Galan huɗun da suka fito daga katan ɗaya ya kamata su zo da lamba ɗaya da rana ɗaya, kuma su dace da abin da ke jikin kwalin. To idan mai abincin nan ta ga ɗaya an yi shi a watan Maris, biyu a watan Yuli, na huɗun kuma babu rubutu sai wani dusasshen wuri kamar an goge da fetur, ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Robobin daga gidaje daban-daban aka tsinto su. Haka nan idan an liƙa wata 'yar farar takarda mai sabon kwanan wata a kan tsohon wurin.

Hoto guda na galan huɗun a jere yana ƙara wani haske. Injin kamfani yana cika kowace roba da ma'auni ɗaya, saboda haka man yakan tsaya a layi ɗaya kuma launinsa ɗaya. Hannun mutum da mazurari ba ya iya haka: wani ya kai har wuya, wani ya tsaya a kafaɗa. Sai kuma takardar ta nuna tarihinta, gefenta ya ɗago ko ya yamutse saboda wanki, ko ta jiƙe da maiƙo daga sama inda mai ya zubo lokacin ɗuri. Amma a yi wa 'yan kasuwa adalci a abu ɗaya. Mafi yawan abin da muke kira man gyaɗa a roba tataccen man kwakwar manja ne, kuma ɗabi'arsa ce ya yi gajimare ko ya ɗan daskare a lokacin hunturu. Ganin haka a hoton watan Janairu ba shaidar algus ba ce.

Bugun takarda shi ne tarkon mai jabu. Wanda ya ɗauki hoton takardar asali ya sake bugawa ba ya samun kaifin na kamfani, kuma a ƙananan rubutu abin ke fitowa, irin su jerin sinadarai, adireshin masana'anta da layukan lambar da ake haskawa a kanti. A na asali bakin kowane harafi a yanke yake. A na kwaikwayo haruffa suna yin inuwa, launi ɗaya ya zame ya hau kan wani, ja ya koma ruwan goro, wani lokaci har da kuskuren harafi a sunan gari. A duba kuma ko akwai alamar ido mai harafin A a tsakiya. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girki da sukari da fulawa a Najeriya, kuma wannan idon ne shaidarsa. Rashinsa a takarda dalili ne na ja da baya, amma samunsa ba ya tabbatar da komai, domin wanda ya kwafi sunan kamfani ba zai gagara kwafar ido ba. Hukuncin lambar NAFDAC ke nan ita ma. Ɗan kasuwar da ke cewa "Hajiya, ga lambar nan ki gani" ya nuna abin da kowa ke iya bugawa ne.

Wannan ido shi ne dalilin da ya sa batun ya fi ƙarfin asarar kuɗi a wurina. Uwar da ta biya kuɗin man kamfani ta biya har da bitamin A na 'ya'yanta. Man awo da ya daɗe a buɗe ko a rana, ko da an sa masa sinadarin tun farko, haske da iska suna cinye shi. Ba a ma zo maganar robar da aka wanke ba ta bushe ba, ko man da aka riga aka yi suya da shi aka tace.

Iyakar hoto a fili take. Yana iya nuna cewa kaya ba su da kyau, amma ba ya iya shaidar cewa suna da kyau, kuma ba ya hana a nuna wani galan a kawo wani. Don haka idan kaya suka iso, kafin mai babur ya tafi, a gwada lambar rukunin da ta hoton, a murɗa murfi a ji ƙarar karyewar haƙora, a duba ko toshiyar ciki ko takardar da ke rufe baki tana nan idan kamfanin na sa ta, sannan a sunsuna. Tataccen mai kusan ba shi da ƙamshi, warin tsohuwar suya ko maƙaƙi a maƙogwaro kuwa ya isa a mayar da shi.

Sauran aikin yana hannunmu a gida. Galan ɗin da mai ɗuri ke cikawa daga kicin ɗinmu yake fitowa, mu ne ke sayar wa masu yawon sayen robobi da shi cif da takardarsa da murfinsa. Ban ce a daina sayarwa ko a daina zuba ruwa da kananzir a ciki ba. Roƙona ga matan gida da masu gidajen abinci shi ne, kafin galan ya bar hannunku, ku yage takardar, ku cire zoben daga wuyansa ku jefar.